Me Ya Sa Maɓallin "Sign in with Google" Yake Ƙin Buɗe Maka Asusunka?

Ka danna `Sign in with Google` kamar yadda ka saba. Google ya nuna maka sunanka da hotonka, ka zaɓa, allon wayar ya ɗan juya, sai manhajar ta ce wai akwai wani asusu mai wannan imel ɗin, don haka ba za ta bar ka ka shiga ba. Ko kuma ta buɗe maka, amma ka tarar da asusu fayau: babu hotunanka, babu tarihin cinikinka, babu alamar kuɗin da ka biya, kamar yau ka fara zuwa. Abin ɗaure kan shi ne Gmail ɗinka lafiya lau yake aiki, ba ka manta kalmar sirri ba, data ma ba ta ƙare maka ba.

Sau da yawa ba kutse aka yi maka ba, kuma kayanka ba su ɓata ba. Haɗin da ke tsakanin asusunka na Google da asusunka na manhajar ne ya tsinke. Wannan haɗi ba wani abin sihiri ba ne, layi guda ne na rubutu a rumbun bayanan kamfanin da ya yi manhajar. Idan ka fahimci abin da ke rubuce a layin nan, za ka gane wace irin matsala ce ta same ka, da abin da zai gyara ta, da abin da zai ƙara dagula ta. Za mu yi bayanin da Google, amma tsarin kusan ɗaya ne a Facebook da Apple, kuma za mu nuna inda suka bambanta.

Asusu biyu gare ka, ba ɗaya ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan suka shiga wata manhaja da Google, to kayansu na manhajar a wurin Google suke. Ba haka ba ne. Ranar da ka fara danna maɓallin, manhajar ta buɗe maka nata asusun, da lambarsa, a nata kwamfutocin, waɗanda ake kira saba. Duk abin da ka ajiye a manhajar can yake. Aikin Google a nan guda ɗaya ne tak: ya ba da shaida cewa kai ne kai.

Kwatanta shi da wurin ajiyar kaya a tasha. Ka kai buhunka, mai ajiya ya karɓi katin shaidarka, ya rubuta lambar katin a littafinsa, a gefenta ya rubuta lambar buhun. Ranar da ka dawo, abu biyu yake dubawa: shin katin nan na gaske ne, kuma shin lambar da ke jikinsa tana cikin littafi? Ofishin da ya ba ka katin bai san da wani buhu ba. Idan shafin littafin ya yage, katinka yana nan da ingancinsa, buhunka yana nan a ɗaki, amma babu abin da ya haɗa su.

Wannan mu'amala tana da ƙa'idoji rubutattu. Na farko shi ne OAuth 2.0, wanda aka wallafa a 2012, kuma shi ne ya tsara yadda za ka ba wata manhaja izini ba tare da ka miƙa mata kalmar sirrinka ba. A 2014 aka ɗora OpenID Connect a kansa, wanda ya ƙara batun shaidar ko wane ne mutum. Maɓallin Google da na Apple a kan wannan na biyun suke aiki.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin

Mu ɗauki misali da wata tela, mu kira ta Hajara. Tana amfani da wata manhaja wajen ajiye awon kwastomominta da lissafin waɗanda suka biya da waɗanda take bi bashi. Da Google ta yi rajista, ba ta taɓa sanya wa manhajar kalmar sirri ba.

Idan ta danna maɓallin, manhajar tana tura ta wurin Google. Can ne ake tantance ta, kuma manhajar ba ta ganin kalmar sirrinta ko kaɗan. Idan Google ya gamsu, sai ya mayar da ita, ya kuma ba manhajar wata 'yar takardar shaida mai ɗauke da sa hannunsa na lissafi, wadda ba za a iya canza ko harafi ɗaya a cikinta ba tare da an gane ba. Ga yadda muhimman sassan takardar suke, da lambobi da adireshin da muka ƙirƙira don misali:

```json
{
  "iss": "https://accounts.google.com",
  "aud": "1234-abcd.apps.googleusercontent.com",
  "sub": "108234567890123456789",
  "email": "hajara@example.com",
  "email_verified": true,
  "exp": 1717233600
}
```

`iss` yana faɗin wanda ya ba da shaidar. `aud` yana faɗin manhajar da aka rubuta wa ita, don kada wata manhajar ta ɗauka ta yi amfani da ita. `exp` lokacin da za ta daina aiki ne, kuma ta Google awa ɗaya take yi. Amma wanda za ka riƙe a ranka shi ne `sub`. Wannan ita ce lambar Hajara ta dindindin a wurin Google. Ko ta canza suna, ko ta canza hoto, ko adireshin imel ɗinta ya canza, lambar ba ta canzawa, kuma Google ba ya sake ba wani mutum ita. Shi ya sa Google da kansa yake gaya wa masu haɗa manhajoji su gane mutum da `sub`, kada su gane shi da imel.

Ranar da Hajara ta yi rajista, manhajar ta buɗe mata asusu mai lamba 4471, sannan ta rubuta layi irin wannan a wani jadawali na daban:

```
provider   subject                 user_id
google     108234567890123456789   4471
```

To, wannan shi ne haɗin gaba ɗayansa. Duk lokacin da ta dawo, bayan sabar ta tabbatar da sa hannun Google, tambaya ɗaya take yi wa rumbun bayanai:

```sql
SELECT user_id FROM linked_accounts
WHERE provider = 'google'
  AND subject = '108234567890123456789';
```

Idan amsa ta fito 4471, sai a buɗe mata littafin awonta. Idan babu amsa, manhajar ba ta san ta ba, ko da shekara biyar ta yi tana amfani da ita.

Akwai kuma rubutu na biyu, shi a ɓangaren Google yake: cewa Hajara ta yarda a riƙa ba wannan manhaja sunanta da imel ɗinta. Ka ga kenan igiyar baki biyu gare ta, izini a wurin Google, layi a wurin manhaja. Tana iya tsinkewa ta kowane baki, kuma alamominsu ba ɗaya ba ne.

Idan ta tsinke ta ɓangaren Google

A ce Hajara ta ji ana gargaɗi kan manhajojin da ke kwasar bayanan mutane, sai ta shiga `myaccount.google.com/connections` ta cire duk waɗanda ta gani, har da manhajar ɗinkinta. Abin da ta goge izini ne. Asusu mai lamba 4471 yana nan, layin haɗin ma yana nan, domin ba a hannun Google suke ba.

Abin da za ta gani bai taka kara ya karya ba. Wataƙila manhajar ta fitar da ita, kuma idan manhajar tana ajiye mata kwafin bayanai a Google Drive, wannan aikin zai tsaya. Masu manhajar kuwa a nasu ɓangaren za su ga saƙon kuskure mai cewa `invalid_grant`, ma'ana makullin da aka ba su a da ya daina buɗewa. Da zarar ta sake danna maɓallin, Google zai sake tambayarta ko ta amince, kamar ranar farko. Idan ta amince, takardar da za ta fito tana ɗauke da `sub` ɗin nan dai na da, tambayar rumbun bayanai ta samu amsa, ta shiga. Wannan tsinkewar ita ce mai sauƙi, kuma ita ke gyara kanta.

Idan layin da ke wurin manhajar ne ya ɓace

Nan ne ake shan wahala. Layin yana iya gogewa ta hanyoyi kaɗan. Hajara na iya danna `Disconnect` ko `Unlink` a cikin saitin manhajar ba tare da ta san ma'anarsa ba. Manhaja mai kyau ba za ta yarda ka cire hanyar shigarka ta ƙarshe ba sai ka sanya kalmar sirri, amma ba kowace ce take yin wannan binciken ba. A Facebook kuma, idan ka cire manhaja a ƙarƙashin `Apps and websites`, kana iya neman ta goge bayanan da ta samu daga Facebook, kuma lambar shaidarka tana cikin waɗannan bayanan. Sannan kamfanin da kansa yana iya zubar da wasu layuka yayin ƙaura daga tsohon rumbun bayanai zuwa sabo.

Mu bi abin da zai faru da Hajara daki-daki. Ta danna maɓallin. Google ya tantance ta, ya ba da takarda ingantacciya. Sabar manhajar ta nemi `108234567890123456789`, ba ta samu komai ba, sai ta ɗauka sabuwar baƙuwa ce, ta fara shirin buɗe mata sabon asusu. A nan sai ta tarar akwai asusu mai lamba 4471 da yake amfani da `hajara@example.com`, kuma dokarta ita ce imel ɗaya, asusu ɗaya. Ba za ta buɗe tsohon ba saboda babu haɗi, ba za ta buɗe sabo ba saboda an riga an ɗauki imel ɗin. Sai ta tsaya cak.

Saƙon da za ka gani ya danganta da kayan aikin da aka gina manhajar da su. Shafukan da aka gina da NextAuth sukan nuna `OAuthAccountNotLinked` a cikin adireshin shafin. Waɗanda ke kan Firebase suna da makamancinsa, `auth/account-exists-with-different-credential`. Wasu kuma za su ce kawai an riga an yi rajista da wannan imel, ka shiga da kalmar sirri. Ga Hajara wannan shawarar ba ta da amfani a karon farko, tunda ba ta taɓa sanya kalmar sirri ba. Ta koma ta danna maɓallin, a sake maido ta nan, ta yi ta zagaye wuri ɗaya.

To me zai hana manhajar ta duba imel ta buɗe kawai?

Tambaya ce mai kyau. Ai ga imel ɗin nan iri ɗaya, mene ne abin wahalar da mutum?

Amsar ita ce adireshin imel yana canza hannu. Ka san yadda layin waya yake: idan ka daɗe ba ka yi amfani da shi ba, kamfani ya sayar wa wani, sai a kira lambarka a ji baƙuwar murya. Imel ma hakan na faruwa da shi. A 2013 Yahoo ya saki sunayen asusun da aka daɗe ba a buɗe ba domin wasu su ɗauka. Adireshin wurin aiki ko na makaranta kuwa, mai kula da tsarin yana iya ba sabon ma'aikaci wanda tsohon ma'aikaci ya bari.

Wani lokacin ma ba sai adireshin ya canza hannu ba. A watan Yunin 2023 masu bincike na kamfanin tsaro Descope suka bayyana wata kafa da suka kira nOAuth. Sun nuna cewa mutum zai iya buɗe tasa ma'aikatar a tsarin Azure AD na Microsoft, ya rubuta imel ɗin wani a matsayin nasa ba tare da an tantance ba, sannan ya danna maɓallin shiga da Microsoft a wata manhajar. Idan manhajar da imel take gane mutane, sai ta miƙa masa asusun mai imel ɗin na gaskiya, ba tare da ya san kalmar sirrinsa ba. Manhajojin da suka dogara da lambar dindindin ba su faɗa wannan ramin ba.

Saboda haka ƙin buɗewar da ke ba ka haushi ƙofa ce aka kulle da gangan. Mai ajiyar da ya ƙi ba ka buhu don kawai sunanka ya yi daidai da na littafi, shi ne kuma zai hana wani mai suna irin naka ya tafi da shi. Akwai manhajojin da suke sake ƙulla haɗin da kansu idan adireshin na Gmail ne kuma Google ne ya kawo shaidar, tunda Google ne mai iko da waɗannan adireshin. Shi ya sa za ka ga wata manhajar ta wuce da kai salin-alin, wata kuma ta tsare ka.

Idan lambar ce ta canza

Hanya ta uku ita ce layin yana nan daram, amma lambar da kake zuwa da ita ta zama wata.

A ce da imel ɗin da makaranta ta ba ta Hajara ta yi rajista. Ta kammala karatu, makarantar ta goge asusun. A tsarin Google Workspace, mai kula da asusun makaranta yana da kwana 20 da zai iya dawo da wanda aka goge. Bayan nan, ko da ya sake buɗe mata adireshi mai haruffa iri ɗaya sak, sabon asusu ne da sabuwar `sub`. A idon manhajar, wata Hajarar ce daban. Asusun Google na ƙashin kai ma yana iya tafiya: tun daga Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun da aka shekara 2 ba a yi amfani da shi ba, kuma ba a sake buɗe adireshin Gmail da aka goge.

Facebook da Apple suna da wani ƙarin sirri. A Google, `sub` ɗinka ɗaya ce a kowace manhaja. Facebook kuwa tun 2014 yake ba kowace manhaja lamba daban don mutum ɗaya, saboda kada kamfanoni su haɗa bayanansu su bi sawunka. Apple, wanda ya fito da nasa maɓallin a 2019, lambarsa tana ɗaure ne da kamfanin da ya mallaki manhajar. Wannan kariya ce gare ka, amma tana da tsada. Idan kamfani ya sake yi wa manhajarsa sabuwar rajista a Facebook, ko aka sayar da manhajar ga wani kamfani a ɓangaren Apple, lambobin mutane suna canzawa. Akwai hanyar da aka tanada ta fassara tsofaffin lambobi zuwa sababbi, amma idan masu manhajar ba su bi ta ba, mutane da yawa za su wayi gari a kulle a rana ɗaya ba tare da sun taɓa komai ba.

Akwai kuma abin da ya yi kama da wannan, alhali ba tsinkewa ba ne. Ka sayi sabuwar waya, mai shago ya buɗe maka sabon Gmail don ya sauke maka manhajoji, kai kuma ba ka lura ba. Ka danna maɓallin, wayar ta miƙa sabon asusun. Sabuwar lamba, sabon imel, babu abin da ya ci karo da wani, sai manhajar ta buɗe maka sabon asusu fayau. Tsohon haɗinka lafiyarsa ƙalau, katin wani ka nuna.

Yadda za ka gane wacce ce ta same ka

Ka lura da inda tafiyar ta tsaya. Idan tun a shafin Google aka tsare ka da saƙo irin su `Error 400: redirect_uri_mismatch`, to ba haɗinka ba ne. Masu manhajar ne suka yi kuskure a saitinsu, abin ya shafi duk mai bin wannan hanyar, kuma su kaɗai za su iya gyarawa. Matsalar haɗi tana bayyana ne bayan Google ya gama da kai ya mayar da kai manhajar.

Daga nan abu uku ne. Idan an sake neman amincewarka sannan ka shiga ka tarar da kayanka, izini ne aka cire, kuma ya riga ya gyaru. Idan an ce akwai asusu mai wannan imel, to tsohon asusunka yana nan, wanda albishir ne, layin haɗin ne ya ɓace ko lambarka ta canza. Idan kuma asusu fayau aka buɗe maka, fara da duba wane imel ne a cikin saitinsa. Idan ba shi ne na da ba, wataƙila asusun Google ɗin da ka zaɓa ne ba daidai ba. Bincika akwatunan imel ɗinka, ka nemi saƙon maraba ko rasit daga manhajar. Akwatin da ka same shi a ciki, shi ne mai haɗin.

Gyaran, da abin da za ka kiyaye

Kafin komai, duba ko akwai wata na'urar da har yanzu kake ciki, tsohuwar waya ko kwamfuta. Idan akwai, kada ka fita daga asusun, kada ka goge manhajar. Shigar da ka riga ka yi ba ta dogara da layin haɗin ba, tana iya ci gaba da aiki har zuwa lokacin da wa'adinta zai ƙare. Yi amfani da ita yanzu ka sanya kalmar sirri, ko ka sake haɗa Google. Shawarar da aka saba bayarwa, wai ka goge manhajar ka sake saukewa, a nan cutarwa take yi: layin da ya ɓace a sabar kamfani yake, ba a wayarka ba, kuma gogewar za ta rufe ƙofar ƙarshe da ta rage maka a buɗe.

Idan babu irin wannan na'urar, bi hanyar da Hajara za ta bi. Ta danna `Forgot password`, ko da yake ba ta taɓa sanya kalmar sirri ba, ta rubuta imel ɗin da ta yi rajista da shi. Manhajoji da yawa za su aiko da saƙo, ta sanya kalmar sirri a karon farko, ta shiga asusu mai lamba 4471 kai tsaye. Daga ciki sai ta je saiti, wurin da aka rubuta `Connected accounts` ko makamancinsa, ta sake haɗa Google. Yanzu manhajar ta ga shaida biyu a lokaci guda, cewa ita ce mai 4471 kuma ita ce mai wannan `sub` ɗin, don haka za ta sake rubuta layin ba tare da fargaba ba.

Wani tarko yana nan ga wanda aka riga aka buɗe wa asusu fayau da lambarsa ta gaskiya. A ce hakan ta faru da Hajara, aka ba ta sabon asusu mai lamba 9802. Yanzu akwai sabon layi da ya ɗaure lambarta ta Google da 9802, kuma lamba ɗaya ba ta hawa asusu biyu. Idan ta shiga 4471 ta nemi haɗawa, za a ce mata wannan Google ɗin yana haɗe da wani asusun. Dole sai ta fara kwance shi daga 9802, ko ta goge 9802 ɗin. A nan fa sai an natsu, domin asusun biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya da hoto ɗaya. Kafin ka danna gogewa, tabbatar wanda kake ciki shi ne fayau ɗin. Kuma kada ka biya kuɗi ko ka fara zuba sababbin bayanai a cikinsa, saboda ba kowace manhaja ce take iya haɗe asusu biyu su zama ɗaya ba.

Hanyar `Forgot password` tana da iyaka, domin sai akwai imel ɗin da saƙo zai same ka. Wanda ya buɗe Facebook da lambar waya kawai, wataƙila manhajar ba ta taɓa samun imel ɗinsa ba. Wanda ya zaɓi `Hide My Email` a Apple, adireshin da manhajar ta sani wani baƙo ne mai ƙarewa da `@privaterelay.appleid.com`, kuma shi za ka rubuta, ba naka na kullum ba. Za ka same shi a `Settings` na iPhone, ƙarƙashin sunanka, a jerin manhajojin `Sign in with Apple`. Idan ka kashe tura saƙon wannan adireshin, sai ka kunna shi kafin saƙon ya iso. Wanda kuma imel ɗin makarantarsa ya mutu, babu akwatin da saƙon zai faɗa.

A irin wannan hali sai masu manhajar, don su kaɗai ke iya taɓa layin. Google ko Facebook ba za su iya ba, tunda ba a rumbunsu yake ba. Ka rubuta musu ta hanyar da ke cikin manhajar ko shafinsu na ainihi, ka faɗi sunan da kake amfani da shi, da maɓallin da ka yi rajista da shi, da kusan lokacin da ka yi, da ainihin saƙon kuskuren harafi da harafi, da lambar rasit idan ka taɓa biyan kuɗi. Kada ka ba kowa kalmar sirrinka ta Google ko lambar tantancewa da aka turo maka ta waya. Gyaran layin nan ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, duk wanda ya nema da wata manufar ya zo.

Idan kuwa maɓallin naka yana aiki a yau, akwai aikin minti biyar da ya kamata ka yi. Zaɓi manhajojin da kake da kuɗi ko aiki a cikinsu, ka shiga saitin kowacce, ka duba imel ɗin da ke rubuce ko har yanzu kana iya buɗe shi, sannan ka ƙara hanyar shiga ta biyu, kalmar sirri ko wani asusun. Idan da imel ɗin makaranta ko na wurin aiki ka yi rajista, ka sauya shi tun kana da iko da shi, kafin ranar da za ka miƙa katin shaida ka fita.